Mako Uku Na Gumi, Mako Ɗaya Na Sauƙi

Mu da muke horar da 'yan tsere a makaranta, ba mu fara lissafi daga ranar da aka dawo hutu. Daga ranar gasar gidaje muke farawa, mu ƙirgo baya mako takwas. Sai mu raba makonnin nan gida biyu, kowane kashi mako huɗu: uku na ƙara nauyin atisaye, na huɗun kuma na sauƙi. Wannan na huɗun shi ne wanda ɗalibai suka fi yi mana gardama a kansa.

Bari mu ɗauki ɗan aji biyar mai gudun mita 100. Sau uku yake fitowa fili a mako, Litinin da Laraba da Asabar, domin gudu mai ƙarfi yana son a bar aƙalla kwana guda a tsakani. Mu dubi Litinin kaɗai, ranar koyon tashi daga layi. Bayan ya ɗumama jiki na minti 15 (a sanyin hunturu mukan kai 20), zai yi gudun mita 30 da iyakar ƙarfinsa. A makon farko sau shida, mita 180 ke nan. A na biyu sau takwas, a na uku sau goma, wato mita 300. Tsakanin kowane gudu zai huta minti uku, kusan minti ɗaya ga kowace mita goma. Yara suna ganin tsayuwar nan ɓata lokaci ce, amma wanda ya koma layi yana haki ba sauri yake koya ba, juriya yake koya, mu kuwa ba tseren dogon zango muke shiryawa ba.

A mako na uku jiki kan yi nauyi. A ce yaron ya fara da sakan 4.5 a mita 30. Yanzu sai agogo ya nuna 4.6, ransa ya ɓaci, ya ce a ƙara masa aiki. Abin da bai gane ba shi ne, atisaye gajiyar da jiki yake yi; ƙarfin yana shigowa ne daga baya, lokacin da tsoka ke gyara kanta cikin barci da hutu. Saurin yana nan, gajiya ce ta danne shi. Kuma jijiyoyi da ƙashi ba su saurin sabawa kamar tsoka, shi ya sa ciwon ƙwauri da fizgewar tsokar bayan cinya suka fi kama wanda ya yi ta ƙari ba sassauci.

To a mako na huɗu sai mu rage yawan gudun da rabi: sau biyar maimakon goma. Saurin kuwa ba mu taɓa shi. Nan ne da yawa suke kuskure, su mai da makon sauƙi makon sassarfa, ko su daina zuwa fili gaba ɗaya. Ƙafar da ta yi kwana bakwai ba ta yi gudu da ƙarfi ba sai ta dawo kamar an ɗaura mata dutse. Ranar Asabar ta wannan makon muke gwaji da agogo, kuma a nan ne 4.5 ɗin nan kan sauko, ko da kaɗan ne. Idan jadawali ya yarda, mukan daidaita makon da lokacin gwajin tsakiyar zango, tunda dama karatu ya ci barcinku.

Babban abokin gabar makon sauƙi shi ne ƙwallo. Mun rage wa yaro mita 150, shi kuma ya je ya buga ƙwallo awa biyu kullum da yamma. Ya fi abin da muka rage masa nesa ba kusa ba, kuma agogon Asabar ba ya rufa asiri.

Kashi na biyu tsarinsa ɗaya, sai dai nisan ya koma mita 60, hutun tsakani minti shida: sau huɗu, sau biyar, sau shida. Mako na takwas sau uku kawai, kuma gudu mai ƙarfi na ƙarshe ya kasance kwana uku ko huɗu kafin gasa.

Ba dole sai mako na huɗu ya zo muke sassautawa ba. Idan gudu biyu a jere suka yi ƙasa sosai da saurin da yaro ya fara da shi a ranar, mun tashi ke nan, ko da saura uku a takarda. Idan kuma ya nuna wuri ɗaya a ƙashin ƙwaurinsa da yatsa, ya ce yana masa zafi ko a tafiya, gudu ya tsaya, asibiti za a kai shi a duba.