Takardar Da Maigida Ya Kamata Ya Ba Ma'aikacin Da Ciwo Ya Kwantar

A aikina na harhaɗa magunguna na lura cewa ba ɗacin ƙwaya ne kaɗai ke raba majinyaci da magani ba. Fargabar rasa albashi ta fi saurin raba su. Yawancin masu zuwa tagarmu ma'aikatan shaguna ne daga Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari, inda hutun jinya ba ya wuce maigida ya ce, "Allah ya ba da lafiya, je ka huta." Addu'a ce mai kyau, amma ba ta faɗi ko nawa za a biya ba. Shi ya sa nake ba iyalai shawara: idan kun miƙa takardar likita, ku nemi amsa a rubuce, mai kwanan wata da sa hannu, wadda ta warware abu uku.

Na farko shi ne albashi. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ba ma'aikaci haƙƙin a biya shi har kwana 12 na aiki a shekara, idan likita mai rajista ya tabbatar da ciwon. Sashe na 19 kuma ya ce ba a lissafa alawus da kuɗin ƙarin lokaci a ciki. Wannan tanadi na leburori ne da ma'aikatan rubuce-rubuce. Manajoji da ƙwararru sai su duba takardar ɗaukarsu aiki.

Ga misalin wani magidanci mai tsaron sito a Fagge, wanda tarin fuka, wato tibi, ya kama. Likita ya ba shi mako huɗu, kwana 24 ke nan ga mai aikin kwana shida a mako. A ce tsantsar albashinsa naira 78,000 ne. Idan aka raba shi gida 26, kowace rana ta tashi 3,000. Abin da doka ta lamunce masa 36,000 ne kawai. Sauran kwana 12 fa? Cikakken albashi ne, ko rabi, ko babu? Ko za a cire su daga hutunsa na shekara? Nan ne rigima take kwana, don haka takardar ta faɗi adadin da ranar biya. Ko da amsar "babu" ce, gara iyali su sani tun da wuri, su san yadda za su yi da kuɗin cefane.

Na biyu shi ne aiki. Takardar ta ambaci ranar fara hutu da ranar dawowa, da wanda zai riƙe makullai da littafin kaya, ta kuma tabbatar cewa gurbinsa na nan. Maganin tibi wata shida ake sha: wata biyu na farko da magani huɗu, sannan wata huɗu da magani biyu. Ashe mutum zai koma bakin aiki alhali bai gama ba. Wannan magidanci ya ce mini, "Malam, idan na ce zan je asibiti, sai a ce ai na warke." To, a rubuta cewa an yarje masa ranakun karɓar magani da gwajin majina, an kuma ɗauke masa ɗaukar dila har sai likita ya amince. Wanda ya yanke magani don ya ji sauƙi, ciwon kan dawo, wani lokaci ma ya zo da irin da ba ya jin maganin farko.

Na uku shi ne sirri. Maigida yana buƙatar sanin cewa ma'aikacinsa ba zai iya aiki ba, da tsawon lokacin; ba ya buƙatar sunan ciwon a takardar da za ta bi hannun akawu da masinja. "Bisa shawarar likita" ya wadatar. A ambaci mutum ɗaya da zai adana takardar likita, a kuma yi alkawarin ba za a tura hotonta zauren WhatsApp na ma'aikata ba. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana mu ma'aikatan asibiti bayyana ciwon mutum ba tare da yardarsa a rubuce ba, sai a 'yan wuraren da doka ta keɓe, kamar umarnin kotu. Don haka maigidan da ya bugo mana waya yana tambayar maganin da yaronsa ke sha, haƙuri muke ba shi.

Sirrin yana da iyaka. Doka ta ba maigida damar neman likitan da ya zaɓa ya duba ma'aikaci, kuma ƙin amincewa na iya janyo asarar kuɗin jinyar. Haka nan abokan aikin da suka daɗe tare da mai tibi a sito maras iska suna buƙatar gwaji, amma jami'an lafiya ne za su tsara shi, ba shela a bakin layi ba.

Ku karɓi kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya tare da katin asibiti. Idan magana ta kai ofishin ƙwadago ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke nan Kano, wannan takarda ce shaidarku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.