Kada Dutse Ya Kwana a Gida: Abin da Makonni Shida Suka Koya Mana

Mu goma sha biyu ne, 'yan aji biyu na babbar sakandare a Birnin Gwari, mata bakwai maza biyar. A zangon karatu na biyu malamarmu ta ilimin zaman ƙasa ta ba kowane rukuni aikin shirya gangamin wayar da kai a kan wata matsala da ke damun unguwa. Mu muka zaɓi gubar dalma da ke iya biyo dutsen zinare zuwa cikin gidaje. Yanzu da aikin ya ƙare, mun zauna mun duba littafin da muke rubuta abin da ya faru kowace rana, muka tsamo abubuwan da muke ganin za su amfani duk ɗaliban da za a ba irin wannan aiki.

Ba da ka muka zaɓi batun ba. An daɗe ana haƙar zinare a ƙasar Birnin Gwari, kuma kusan kowa a cikinmu yana da yaya ko kawu ko maƙwabci da ke zuwa wurin haƙa. Sannan mun karanta abin da ya faru a Zamfara a shekarar 2010, inda gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A 2015 kuma ta sake ɓulla a Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, maƙwabtanmu na kusa, ta kashe yara 28. A duk wuraren biyu hanyar ɗaya ce: an ɗauko dutse daga rami, an kawo shi cikin gari, an daka ko an niƙa shi a inda yara ke wasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Darasi na farko shi ne, sai ka fahimci yadda abu ke faruwa kafin ka buɗe baki. Mako guda cur muka yi muna karatu tare da malamin kimiyya. Mun gane cewa ba zinaren ne ke da guba ba. Wani dutsen da zinare ke ciki ne yake haɗe da dalma. Muddin dutsen yana dunƙule, haɗarinsa kaɗan ne. Da an daka shi ya zama gari, ƙurarsa sai ta sauka a tsakar gida, a kan tabarma, a cikin kwanon abinci, da kan hatsin da aka shanya. Yaro mai rarrafe yana dafa ƙasa ya kai hannu baki sau da yawa a wuni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Shi ya sa uban da ke dakan zai iya zama garau, alhali ɗansa ɗan shekara biyu yana amai, yana ciwon ciki, har ya kai ga jijjiga da suma. Wanda bai kwanta ba ma, gubar tana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa a hankali, karatu ya riƙa ba shi wahala. Wannan karatun ya cece mu, domin a majalisa ta farko wani dattijo ya ce shekararsa ashirin yana wannan sana'a bai taɓa ko ciwon kai ba. Da ba mu san bambancin jikin yaro da na babba ba, da nan maganar ta mutu.

Darasi na biyu, a roƙi mutane abu ɗaya wanda za su iya yi. Mun yi muhawara sosai a tsakaninmu. Wasu sun so mu ce a daina haƙa gaba ɗaya. Wata daga cikinmu, wadda da kuɗin haƙar ake saya mata littattafai, ta ce duk wanda ya faɗi haka a unguwarsu ba za a ba shi ko tabarma ba. Gaskiya ta faɗa. Shekarun da rashin tsaro ya hana mutane zuwa gonakinsu na nesa, haƙar ce ta riƙe gidaje da yawa. Saboda haka muka tsaya a kan jimla ɗaya: kada dutse ya kwana a gida. A ƙarƙashinta muka sa roƙo uku. A daka ko a niƙa dutse a bayan gari, nesa da yara da rijiya, kuma a jiƙa shi da ruwa don kada ƙura ta tashi. Kada turmi ko injin da ya taɓa dutse ya sake taɓa hatsi. Wanda ya dawo daga aiki ya yi wanka ya canja kaya kafin ya ɗauki yaro, kayan aikin kuma a wanke su daban.

Darasi na uku ya shafi wanda zai yi magana da kuma ƙofar da za a bi. Kafin mu taka kowane gida, shugaban makaranta ya ba mu takarda, malamarmu ta raka mu wurin mai unguwa, shi kuma ya haɗa mu da wani dattijo da ke yi mana iso. Muka kasu gida huɗu, mutum uku-uku. 'Yan matanmu su ke shiga cikin gida wurin iyaye mata, tunda gidajen ba a shiga ne. Maza kuma suka ɗauki majalisu da wurin masu injin niƙa. A kowane rukuni akwai mai magana, da mai rubutu, da mai lura da lokaci, kuma ana juyawa kowane mako don kada ɗaya ya zama ɗan kallo. Ranar Asabar kawai muke fita, daga hantsi zuwa kafin azahar.

A nan ne muka koyi abin da ba a rubuta a littafin aji ba. A garin da ya sha wahalar 'yan bindiga, yaro riƙe da biro da takarda yana tambaya abin tsoro ne. Mutane suna iya ɗauka rahoto za a kai wa wani. Ko da aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar kara a ƙarshen 2024, tsoron bai fita daga zukata rana ɗaya ba. Don haka tun farko malamarmu ta kafa mana doka: ba ma rubuta sunan kowa, ba ma tambayar inda aka samo dutse ko nawa aka sayar, ba ma ɗaukar hoto, kuma ba ma kusantar daji ko wurin haƙa. Kowane gida lamba muke ba shi. Da mun shiga sai mu nuna wa masu gida shafin su gani da idonsu. Wannan ya fi duk wani dogon bayani buɗe mana baki.

Gidan da muka ba lamba 17 ya fi kowanne koya mana. Wata baiwar Allah ce mai 'ya'ya huɗu, ana kawo mata dutse a buhu ta daka a biya ta. Turminta yana gindin bishiya a tsakar gida, taku kaɗan daga murhu, autanta kuma yana rarrafe a wurin. Da 'yan matanmu suka gama bayani sai ta ce, "'Ya'yana, na ji. To in na daina, ku za ku ciyar da su?" Shugabar rukunin ta ce, "Inna, ba cewa muka yi ki daina ba. Wurin dakan muke roƙo a canja." Ta ce ita ba ta fita, kuma turmi ɗaya gare ta.

Da muka koma makaranta muka rarraba matsalar kashi uku: turmi, wuri, da yaro. Batun turmi ya fi sauƙi, domin maƙwabciyarta ta yarda ta riƙa dakan hatsi a nata. Batun wuri muka kai wa mai unguwa, ya nuna wani fili a bayan gidaje inda ba a shanya, ba rijiya, yara ba sa wasa. Ɗanta babba ya karɓi dakan a can, yana yayyafa ruwa, yana rufe hanci da baki. Batun yaro kuwa ya fi ƙarfinmu. Abin da muka iya shi ne mu roƙe ta ta riƙa shimfiɗa masa tabarma mai tsabta nesa da gindin bishiyar, ta wanke masa hannu kafin ya ci abinci, ta kuma kai shi asibiti ta gaya wa ma'aikacin lafiya irin aikin da aka yi a gidan. Wannan bayanin yana da muhimmanci, saboda alamun gubar suna kama da na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sanƙarau.

Darasi na huɗu, tafi da gyaɗa kai ba su ne sakamako ba. Bahaushe ba ya kunyata baƙo, kowa zai ce maka "to, mun gode, Allah Ya yi albarka." Don haka muka ware makonni biyu na ƙarshe don komawa gidajen da muka riga muka shiga, maimakon ƙara sababbi. Abu uku muke dubawa: shin akwai buhun dutse a gidan, ina turmin yake, ina aka rataye kayan aiki. Mun lura roƙon raba turmi ya fi karɓuwa, domin ba ya cin kuɗi. Fitar da daka bayan gari ya yiwu ne kawai a inda mai unguwa ya sa baki. Canja kaya kuwa shi ne ya fi wuya, domin mutum ya dawo a gajiye, ga sanyin hunturu, ga ruwa sai an saya. Wannan ya nuna mana cewa wanda bai bi shawara ba, sau da yawa ba taurin kai ba ne, wani abu ne ya tare masa hanya, kuma aikin mai gangami ne ya gano abin.

Darasi na ƙarshe shi ne sanin iyakarmu. Ba kowane dutsen zinare ne ke da dalma ba, kuma mu ba mu da na'urar gwaji, don haka ba mu taɓa ce wa kowa gidansa na da guba ba. Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da ita a jikin yaro. Shara ma ba ta kawar da ita, tana iya ƙara tayar da ƙurar. A Zamfara sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, sannan likitocin ƙungiyar MSF suka ba yara magani, domin maganin ba ya amfani in yaro zai koma rarrafe a gurɓatacciyar ƙasa. Wannan aikin hukuma ne da ƙwararru. Namu shi ne mu hana ƙurar shigowa tun farko, mu kuma rubuta abin da muka gani, ba tare da suna ba, mu miƙa ta hannun makaranta ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Mun yi hakan.

Mun bar wa 'yan aji ɗaya littafinmu, da taswirar gidajen mai lambobi, da dokokin nan huɗu na fita. Mun roƙe su su koma bayan damina, lokacin da aikin gona ya lafa, haƙa ta sake kankama, su duba ko turamen suna nan inda aka mayar da su.