Akwatin imel ɗaya ko tsarin tikiti?

Lokacin da muke mu uku a teburi ɗaya, akwatin imel guda ya ishe mu amsa koken kwastomomi. Da muka kai bakwai, aka raba masu safe da masu dare, sai lissafi ya canza. Saƙon da mai safe ya buɗe bai amsa ba, mai dare zai ɗauka an gama da shi, ya wuce. Wani saƙon kuma mutum biyu su amsa, kowa da farashinsa.

Shi ya sa muka koma osTicket. Kowane koke da lambarsa da sunan mai kula da shi, kuma yana nan buɗe har a rufe shi. Manhajar kyauta ce, amma mai girka ta sai da muka biya shi.