Garin da shafaƙi ba ya ɓacewa

Mu nan Maradi ba mu san wahalar neman lokacin salla ba. Rana ta faɗi, ladan ya kira magariba. Jan nan na yamma, wato shafaƙi, ya ɓace, a yi lisha. Ni ma haka na tashi na tarar, sai da yayana ya tafi karatu Oslo, babban birnin Norbej, sannan na zauna da biro da takarda in gane me ya sa a watan Yuni liman ɗinsu ke tsai da lisha da lissafi, ba da duban sama ba.

Mutane na zaton matsalar ta fara ne inda rana ba ta faɗuwa sam. A'a, tun kafin can ta fara. Masu lissafin taurari sun ce sai rana ta nutsa kamar digiri 18 ƙarƙashin gefen sama kafin haskenta ya ƙare ƙaf, kuma kusan da wannan awon ne yawancin kalandun salla ke fidda lisha da asuba. To, akwai garuruwan da rana ke faɗuwa, amma ba ta nutsawa har haka.

Ga yadda ake ganewa. A ranar 21 ga Yuni, ka ɗauki 90, ka cire nisan garin daga layin tsakiyar duniya, ka sake cire 23 da rabi. Abin da ya rage shi ne iyakar zurfin rana a tsakar dare. Maradi tana kan digiri 13 da rabi, sai ya rage 53: dare baƙi ƙirin. Oslo tana kusan 60, sai ya rage 6 da rabi kawai. Ke nan jan magariba bai gama ɓacewa ba hasken alfijir ya riske shi. Duk garin da ya wuce digiri 48 da rabi yana ɗanɗana wannan, har Paris na ƴan kwanaki.

Sai a bar lisha ke nan? Mafi yawan malamai sun ce ba a bari. Hujjarsu hadisin Dujal ne na cikin Sahihu Muslim, inda aka ambaci yini mai tsawon shekara, Annabi (SAW) ya yi umurni a ƙaddara lokutan salla a cikinsa. Gardamar da ta rage ita ce yadda za a ƙaddara.

Hanya ɗaya ita ce raba dare kashi bakwai. A wannan ranar, rana na faɗuwa a Oslo wajen 22:44, ta fito wajen 03:54. Dare awa biyar da minti goma ke nan, wato minti 310. Ka raba bakwai, ka samu minti 44. Lisha sai ta kama 23:28, asuba kuma 03:10. In azumi ya faɗo a lokacin, mutum zai kame baki awa 19 da rabi. Tsakanin lisha da sahur ko awa huɗu babu, ga asham, ga aiki da safe. Don haka wasu malaman Turai suka yarda a haɗa magariba da lisha a waɗannan watanni. Dabarar tana da wani cikas kuma: ranar da aka bar lissafin digiri aka koma kashi bakwai, lisha kan yi tsalle baya da fiye da awa guda a dare ɗaya. In ka ga irin wannan tsallen a kalanda, canjin hanya ne aka yi.

Ka ƙara gaba zuwa Tromso, kan digiri 69 da rabi, lissafin namu zai ba ka 3 ƙasa da sifiri. Ma'ana ko tsakar dare rana tana sama. Daga wajen 20 ga Mayu zuwa bayan 20 ga Yuli ba ta faɗuwa, babu daren da za a raba. Azahar dai ana gane ta, tunda rana na hawa tana sauka, inuwa na gajarcewa ta sake tsawo. Magariba, lisha da asuba ne sai an aro. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a 1986, ta ce a auna da lokutan digiri 45. Musulmin Tromso da yawa kuwa Makka suke bi, inda azumin Yuni ke kusan awa 15. Sai a sha ruwa rana tana haska tabarma.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wannan: masallatai biyu a gari ɗaya na iya sallar lisha da tazarar awa guda, kowane da hujjarsa. Shawarar da liman ya ba yayana gajera ce. Ya riƙe kalandar masallaci ɗaya duk shekara, kada ya ɗauki lishar wannan don ta fi wuri, ya haɗa da asubar wancan don ta fi latti.