Kafin A Ba Mai Tsire Tsohon Tebur Ya Hura Wuta

Akwai wata asara da muke tafkawa a nan Sabon Ibadan ba tare da mun lissafa ta cikin asara ba. Tsohon tebur ko kujera da iyayenmu suka bari, da zarar ya yi baƙi, ƙafa ta fara rawa, sai a fitar da shi bayan gida, ƙarshe ya tafi wutar mai tsire. A madadinsa mu sayo irin na garin katakon nan da ake matsewa da gam a manna masa leda mai sheƙi. Damina biyu, gindinsa ya sha laima ya kumbura kamar burodi a cikin shayi. Alhali wancan da aka ƙone maɗaci ne ko iroko, icen da yau mai kuɗi ma sai ya yi yawo kafin ya samu busasshensa.

Gyaran ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so, musamman a ƙasar nan ta Kudu da iska ba ta rabuwa da danshi. Bari mu kawo misali da wani tebur da muka gyara a shagonmu, na wani dattijo ɗan goro da ya riga mu gidan gaskiya. Tsawonsa ƙafa huɗu, faɗinsa biyu, samansa duk zoben kofin shayi da tabon tawada, ƙafa ɗaya kuma tana lilo.

Abu na farko, a tabbatar ya cancanci wahalar. Mun kifa shi mun duba gefen allon. Idan zanen icen da ke sama ya zarce har gefe, katako ne tsantsa. Idan kuwa aka ga fallaye-fallaye, to siririn ɓawo ne aka manna a kan araha, samfefa mai kaushi za ta huda shi cikin ɗan lokaci, kuma ba ya gyaruwa. Sannan mun soka tsinin wuƙa a gindin ƙafafun. Wuƙa ta ƙi shiga, ice na da rai. Da ta lume, ko mun ga ƙananan ramuka da gari mai laushi na zubowa, to ƙwaro na ciki, sai an yi maganinsa ko a canja ƙafar kafin a yi maganar kwalliya.

Ƙafar da ke rawa ba mu buga mata ƙusa ba, don ƙusa a busasshen maɗaci tsaga shi take yi. Zare ta muka yi daga raminta, muka kankare tsohon gam tas, domin sabon gam ba ya kama tsoho, ice yake kamawa. Muka shafa farin gam na kafinta, muka mayar, muka ɗaure tamau da robar tsohuwar tayar mashin, muka bar shi kwana ɗaya cur. Gam ɗin da ya tsattsafo waje mun goge shi nan take da jiƙaƙƙen tsumma. In ya bushe a nan, rini ba zai shiga wurin ba, sai ka ga farin tabo kamar kyasbi.

Sai gugar samfefa, wadda ita ce rabin aikin. Kowace takarda akwai lamba a bayanta, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Mun fara da 80 don cire tsohon banish, muka koma 120, muka ƙare da 180. Kowace lamba aikinta share kartar da ta gabanta ta bari, shi ya sa ba a tsallake daga 80 a faɗa 180. A naɗe takardar a jikin guntun katako mai shafe, don yatsu kaɗai kwari-kwari suke bari. Kuma a bi zanen icen ta tsawonsa. Guga ɗaya a gicciye ba za ka gan ta ba yanzu, sai ranar da rini ya kwanta cikinta ta fito baƙi ƙirin.

Yaya ake gane an gama? A shafa jiƙaƙƙen tsumma. Inda ice ya fito tsirara zai sha ruwa ya yi duhu, inda sauran banish yake zai tsaya fayau. Namu kusurwa biyu suka nuna, muka koma musu. Ruwan nan kuma yana tayar da gashin ice, in ya bushe a bi shi sama-sama da 180 ya kwanta. A yi aikin a waje, a rufe hanci, a kori yara. Ƙurar iroko tana sa tari da ƙaiƙayi, tsohon fenti mai kauri kuma wani yana ɗauke da dalma, wanda bai kamata a yi masa busasshiyar guga ba sam.

Rini ba dole ba ne. Maɗaci da kansa ja ne, banish kaɗai na fito da shi. Amma teburin namu rana ta ƙoɗar da gefe guda, sai muka sa rinin katako ruwan ƙasa don launin ya daidaita. Mun gwada a ƙarƙashi tukuna, inda ido ba ya kaiwa. Da tsumma muka shafa, muka jira kamar minti biyar, muka goge rarar da busasshen tsumma. Rini shiga ice yake yi, wanda ya rage a sama danƙo zai zama ya hana banish kamawa. Bakin allo inda zarto ya yanka ya fi ko'ina sha, a rage masa hannu, in ba haka ba ya fi sauran duhu.

Wurin banish ne danshin garin nan ke kayar da mutane. Banish na mai wanda zai bushe a kwana ɗaya a Kano, a nan cikin watan Yuli yana iya kwana biyu yana kama hannu. Irin mai saurin bushewa da ake sirkawa da tina kuwa, in aka shafa shi da hadari a sama, hazo-hazo yake yi kamar an watsa masa nono, saboda ya kulle laima a cikinsa. Don haka muka jira rana ta ɗaga, muka shafa da hantsi, a cikin ɗaki mai iska, ba a rana tsaka ba. Lokacin hunturu ya fi dacewa, sai dai a yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura.

Shafi uku muka yi, kowanne siriri. Na farko mun ɗan sirka shi da abin da aka rubuta a jikin gwangwanin don ya ratsa ice. Kananzir da wasu ke zubawa jinkirta bushewa yake yi. Tsakanin shafi da shafi a bi shi da 220 a hankali, kuma nan ne gwajin: in farin gari ya fito, ya bushe; in ya dunƙule a jikin takardar, a ƙara masa kwana. Ƙarƙashin teburin da tafin ƙafafunsa ma sun samu nasu, don in sama kaɗai aka rufe, ƙasa ta ci gaba da shan laima allon ya lanƙwashe. Tsummokaran da suka sha mai a shanya su a buɗe, in aka dunƙule su wuri guda suna iya kamawa da wuta da kansu.

Daga farawa zuwa gamawa kwana tara muka yi, galibinsu jira ne, sannan muka ƙara mako guda kafin a ɗora masa kaya. Abin da muka kashe bai wuce samfefa, gam, rini, buroshi da ƙaramin gwangwanin banish ba. Saboda haka jama'a, wanda ke da irin wannan a zaure ko bayan ɗaki, ya kifa shi ya soka masa wuƙa tukuna. In ta ƙi shiga, mai tsire ya nemi itace a wani wurin.