BARKA DA DAWOWA, BAFFA

Baffa, sannu da zuwa, sannu da hanya. Ni ce 'yar ƙaninka wadda ba ka taɓa gani ba sai a hoto. Na rubuta wannan ne a madadin yaran gidanmu duka.

An gaya mana ka bar Haɗeja a 1984 da niyyar aikin hajji ta ƙasa. Da guzuri ya ƙare sai ka yada zango a Wad Madani ta ƙasar Sudan, ka kama aikin auduga a gonakin Jazira. Zangon damina ɗaya ya zama na shekara kusan arba'in, har ka yi aure ka hayayyafa. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ne ya tashe ku, kuka gudu Gadarif, kuka bar gida da shago. Mun yi maka jaje, Allah ya mayar da alheri.

Za ka tarar da abubuwa sun sake. Ka tafi muna cikin Jihar Kano, amma tun 1991 mu 'yan Jigawa ne, babban birninmu Dutse. Ka tafi takardar naira ashirin mai hoton Murtala ita ce babbar kuɗi, yau kuwa da ƙyar yaro zai karɓe ta. Zancen kwabo kada ma ka yi shi a kasuwa, dariya za a yi.

Amma akwai abin da bai sake ba. Da kakanmu ya rasu aka raba gado, wasu suka ce a sayar da rabonka, tunda kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Baba ya ƙi. Ya kira liman da mai unguwa suka shaida iyaka, ya dasa gamba daga gindin tsamiya har bakin burtali. Kowace shekara yana shuka gero da riɗi a ciki. In an yi girbi sai ya cire kuɗin ƙwadago, ya rubuta saura a wani littafi mai jan bango. Da wannan saura aka sayi shanun huɗa biyu da ke turke a bayan gida. Naka ne, kuma littafin yana jiranka.

Roƙona ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, 'ya'yan Baffa biyu za su shigo makarantarmu. Hausarsu gauraye take da Larabci, kuma sun fi sabawa da kisra a kan tuwo, ko da yake duk dawa ce. A can Fallata ake ce musu, wato baƙi daga yamma. Kada mu kuma mu laƙaba musu 'yan Sudan, su rasa inda za su kira gida.

Baffa, an share ɗakinka na kusa da zaure, an yi masa sabon daɓe. Ka huta gajiya tukuna. Damina na tafe, gona kuma tana nan.