Santir uku munka kashe kafin mu koyi duban baki

 Yau ba a bakin mikro muke ba, rubutu ne, kuma kunyarmu za mu fara faɗa muku kafin mu ba kowa shawara.

Shekara huɗu da sunka wuce, aiki ya kai mu Tibiri ɗaukar murya wurin wani taro. Mun sauko daga moto ke nan, munka duƙa mu ɗauki jakar kayan aiki, sai munka ji wani abu ya ce ɓas a ƙugu. Santir ne ya rabe biyu, daidai ramin da muke sa harshen ƙarfen kullum. Haka munka yi hirar nan, hannu ɗaya riƙe da mikro, ɗaya riƙe da wando ta ƙarƙashin riga. Shi ne na uku da ya mutu mana cikin shekara biyu, kowane jika biyu munka saye shi a butiki, kowane kuma an buga mishi da Faransanci wai fatar gaskiya ce.

Da munka koma Maraɗi, munka kai gawar wurin wani dattijo baduku, da niyyar ya ɗinke. Ya karɓa, ya sa farce a bakin wurin da ya tsinke, ya ɓare shi kamar ana ɓare albasa. Sama wata ƴar leda ce mai sheƙi. Tsakiya wani abu ne kamar kwali. Ƙasa kuma ƙyalle.

Munka ce: «Baba, ai an rubuta fata ce.»

Ya ce: «Ɗana, rubutu ba ya riƙe wando. In za ka sayi kayan fata, bar kallon huska, dubi baki.»

Wannan maganar ita ce duka darasin, sauran bayani ne.

Ga abin da ya sa baki ke tona asiri. Fatar sa tana da kauri, shi ya sa a masana'anta ake tsaga ta a kwance, a fidda falle biyu ko fiye. Fallen sama, wanda gashi ya tsiro a kanshi, shi ne mai ƙarfi, don zarurrukan naman fatar a nan sunka fi matsuwa. Fallen ƙasa sakwa-sakwa ne, sai a shafe shi da roba, a buga mishi zane ya yi kama da na sama. Akwai ma na ukunsu: ɓarɓashin fata da aka niƙa, aka kwaɓa da kol, aka matse ya zama faifai. Duka ukun ana iya ce musu fata ba a yi ƙarya tsagwaronta ba, amma na farko kaɗai ke tsufa tare da mai shi.

To, in kun ɗauki santir a kasuwa, ku juya shi ku kalli gefe. Na kirki nama ɗaya ne daga sama har ƙasa. In an shafe gefen da fenti don kada a gani, ku leƙa cikin ramukan, nan ba a cika ɓoyewa ba. In kun ga hawa-hawa kamar shafukan littafi, ku aje. Sannan ku lanƙwasa shi sosai. Fatar sama takan yi ƴan tamoji ƙanana, launinta ya ɗan haska, ta koma. Mai roba kuwa sai fuskar ta kumbura ko ta yi farin layi, kuma wannan layin shi ne wurin da zai tsage bayan hunturu ɗaya. Hanci ma yana aiki: jimar bagaruwa tana da ƙamshinta da duk ɗan ƙasar nan ya sani, ɗayan kuwa warin sabon bokiti yake.

Mun yi tsammanin dattijon zai ce mu yi da fatar jar akuya, tunda ita ce abin alfaharinmu. Jar akuyar Maraɗi fatarta ta yi suna har Turai, ana yin safar hannu da takalma masu tsada da ita, kuma tun zamanin ayari irin wannan fatar ke ƙetare Sahara, Turawa na kiranta da sunan Maroko don ta can take iso musu. Amma ya girgiza kai. Ya ce fatar akuya siririya ce, kaurinta wajen milimita ɗaya, ga laushi, ga jure lanƙwasa. Wannan shi ake so ga alabe, wanda ake buɗewa a ninke sau ashirin a yini. Santir kuwa ja yake sha, ba ninki ba, don haka kirgin sa yake so, mai kaurin milimita uku zuwa huɗu. In babu abin awo, ku ɗora tsinken ashana biyu, ɗaya bisa ɗaya, kusan kaurin ke nan. In an ce sai da akuya za a yi don kyau, to sai dai a lulluɓa ta bisa kirgi a ɗinke, ita ado, shi ƙashi.

Ko a jikin sa guda ma ba duka wuri ɗaya ba ne. Ya shimfiɗa mana kirgi, ya sa munka ja wajen gadon baya, bai motsa ba. Munka ja wajen ciki, sai ya biyo hannu. Santir da anka yanko daga ciki zai miƙe, ramukan su yi tsawo, ya karkace kamar lauje. Ku ja shi tsakanin hannu biyu tun gaban mai kaya. Ku kuma duba bayanshi, ko akwai sharɓar wuƙar mai fiɗa, ko tabon wutar shaida, don nan fatar ta riga ta raunana.

Kada ku ce mun zo tallar kayan gida ne ido rufe. Na gida ma yana da nashi aibin. In majemi ya yi gaggawa, ruwan bagaruwa bai ratsa kirgin ba, za ku ga wani farin layi ɗanye a tsakiyar bakin yanka. Irin wannan in ya sha ruwa ya bushe sai ya ƙandare kamar ganda, da damina kuma ya yi wari. Na biyu shi ne rini. Ku jiƙa farin ƙyalle kaɗan ku goga a bayan santir ɗin. In ja ko baƙi ya biyo da yawa, to gumin bazara zai kwashe shi ya zuba a farar shaddarku.

Sai ɗinki, kuma a nan alabe ya fi shiga magana. Keke yana ɗinki da zare biyu da ke sarƙe juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In guda ya tsinke, sai layin ya fara warwarewa. Ɗinkin hannu mai allura biyu kuwa, kowane zare yana ratsa kowane rami, yana zuwa gaba yana komawa baya, saboda haka in ɗaya ya cinye, ɗayan na riƙe. Ku ƙirga: wajen ɗinki uku a santimita ɗaya ya yi daidai. In sun yi kusa-kusa ƙwarai, fatar ta zama kamar takardar rasit mai huji-huji, a nan za ta yage. Zaren ya kasance mai kauri, an shafe shi da kakin zuma, ya kwanta cikin fatar, ba ya tsaya a sama inda aljihu zai goge shi ba.

A alabe, wuri biyu za ku matsa wa ido. Na farko bakin aljihun kati, inda ɗinki ya ƙare. Mai aikin kirki yakan koma baya sau biyu ko uku a nan, don shi ne wurin da ke shan wahala duk lokacin da kunka zaro katin ɗan ƙasa. Na biyu shi ne ciki. Ku buɗe wurin takardun kuɗi ku sa yatsa har ƙasa. Alabe da yawa fata ce a waje, ciki kuwa siririn ƙyalle ne da kol, shi ke fara yagewa, kati ya zurare ba ku sani ba. Duk wanda ya taɓa bin layin sake takardu ya san tsadar wannan ƙyallen.

Saura ƙarfen kai. Nan dattijon ya ciro mayen ƙarfe na tsohon rediyo, abin da ke cike da ɗakin ajiyarmu a wurin aiki ba mu taɓa sanin yana da wannan amfanin ba. In maye ya kama kan santir, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka. Yana da ƙarfi, amma in wankan ya goge, gumi zai sa ya yi tsatsa ya ɓata tufa. In bai kama ba, kada ku yi murna tukuna, don abu biyu ne ba ya kamawa: tagulla, da kuma wani haɗin tutiya mai araha da ake zubawa a kwami. Ku nemi izini ku ɗan karce bayan da makulli. In ciki rawaya ne kamar waje, tagulla ce, ba ta tsatsa, sai dai ta dushe a goge ta. In fari-toka ya bayyana, tutiya ce, ita kuwa ba ta lanƙwasa, karyewa take yi farat ɗaya, galibi a sandar da ke riƙe harshe. Inoks ma yana da kyau in an samu. Kuma ku fi son kan da anka ratsa fatar ta cikinshi aka ninko aka ɗaure, bisa ga mai haƙora da ke cizon fata, don haƙoran a hankali suke cinye wurin.

Ranar nan ba a ɗinke mana komi ba. Dattijon ya auna ƙugunmu bisa wando, ya yanko daga bayan kirgi, ya huda rami biyar, tsakanin kowane santimita biyu da rabi, ya ce na tsakiya ne namu, biyu na azumi, biyu na bayan Layya. Ya sa kan tagulla. Jika biyar munka biya, muna ƙunƙuni a zuci. Sai a hanya munka yi lissafi: ukun da sunka mutu sun ci jika shida cikin shekara biyu. Wanga kuwa yau shekararshi huɗu, ya yi duhu, ya ɗauki siffar ƙugu, ramin tsakiya bai buɗe ba. Abin da muke mishi kawai, in iskar hunturu ta fara, mu shafa ɗan man kaɗe da yatsa, kaɗan ba da yawa ba, in kuma ruwa ya dake shi mu bar shi ya sha iska a inuwa, ba a rana ba.

In kun shiga kasuwar Cadawa, ko ta Gazawa, ko ta Gidan Rumji, ku sa ƙaramin mayen ƙarfe da ɗan farin ƙyalle a aljihu. Mai kayan kirki ba zai hana ku dubawa ba. Wanda ya fizge kayanshi tun kuna kallon baki, ya riga ya ba ku amsa.

Ku faɗa mana, a garinku wa ke jima har yanzu, wa ke dukanci? Allah ya sa mu dace, ya bar zumunci.